Kankaren ginshiƙai ya faɗi gwaji, oga ya ce kada wanda ya ji

Sadik: Assalamu alaikum. Shawara nake nema, musamman daga manyanmu a wannan sana'a. Ni ne injiniyan da ke tsaye a kan wani gini a nan Abuja, ɗan kwangila nake wa aiki. Gidajen haya ne, hawan ƙasa, sai hawa uku a samansa. Ginshiƙan ƙasa milimita 230 da 230 ne, kowanne da rodi huɗu na milimita 16, kuma zane ya ce ƙarfin kankare ya kai 25. Kiyub ɗin, wato samfurin kankaren da ake kai wa gwaji, da muka ɗiba ranar zuba ginshiƙan ƙasa sun ba da 9 zuwa 10 a kwana 7. Na nuna wa oga, ya ce mu jira na kwana 28. To sun fito: 13, 14 da 15.5. Yanzu an riga an zuba dekin na farko, an ɗora ginshiƙan sama, ranar Asabar za a zuba dekin na biyu. Oga ya karɓe takardar, ya ce zai samo wani sakamakon a wani ɗakin gwajin, kada in gaya wa mai gini ko injiniyan da ya yi zane. Ya kuma ce in tuna akwai masu digiri da yawa da ke neman kujerata. Bara na samu rajistar COREN, hukumar da ke kula da sana'ar injiniya a Najeriya, kuma sunana ne a allon bakin ƙofa. Me zan yi?

Ɗanjuma Kwangila: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kwantar da hankalinka. Kankare ba ya daina ƙarfi a kwana 28, yana ci gaba har shekara. Sannan masu zane kullum suna barin rara. Na yi gine-gine a Lugbe da Kubwa da ba a taɓa ɗibar musu kiyub ba, ga su nan a tsaye, mutane na ciki. Kada ka ɓata da mai ba ka abinci a kan takardar ɗakin gwaji.

Inj. Bature: Alhaji Ɗanjuma, maganganunka biyu duk gaskiya ne, amma babu wadda ta ceci ginin nan a cikinsu. Kankare yana ƙara ƙarfi bayan kwana 28, sai dai kaɗan yake ƙarawa. Wanda ya tsaya a 14 zai iya lallaɓawa ya kai 16 ko 17, ba zai taɓa zama 25 ba. Rarar kuwa, a ɓangaren kankare 1.5 ce. Raba 25 da 1.5, za ka samu kusan 16.7. Kenan yaron nan ya riga ya cinye rarar duka, har ya shiga bashi. Kuma ita rarar an bar ta ne don abubuwan da ba a sani ba, kamar ginshiƙin da ya ɗan kauce ko wurin da kankare bai cika ba. Ba a bar ta don a rage siminti ba.

Sadik, kafin mu je ga batun oganka, amsa mini tambayoyi. Wa ya cika kiyub ɗin? A ina suka kwana har aka kai su gwaji? Kuma takardar ta nuna nauyin kowanne?

Sadik: Ni na cika su da hannuna, Yallabai, hawa uku, ina caccakawa. Washegari muka cire su daga mazubi muka sa a duro cike da ruwa. Nauyinsu 7.9 zuwa 8.0 ne a kilo. Na ɗauki hoton takardar kafin ya karɓe.

Inj. Bature: Madalla da hoton. Abin da ya sa na tambaya, abu na farko da oganka zai ce shi ne kiyub ɗin ne ba su yi kyau ba, ginin lafiya lau. Kuma hakan na faruwa, na sha ganin leburan da aka bar wa aikin ya cika su da shebur ya jefar a rana. Amma kiyub mai milimita 150 idan ya cakuɗu da kyau nauyinsa wajen kilo 8 ne. Da naka 7.2 suka nuna, sai in ce akwai iska a ciki, laifin mai cikawa ne. Naka sun cika, sun sha ruwa, sannan sakamakon kwana 7 ya yi kusan kashi biyu cikin uku na sakamakon kwana 28, yadda aka saba gani. Gwaji biyu a lokuta daban-daban sun faɗi magana ɗaya. Kwaɓin ne ba shi da kyau.

Ga lissafin a gurguje, da ƙa'idar BS 8110 da yawancinmu muka taso da ita, na gajeren ginshiƙi mai ɗauke da bim ta kowane gefe daidai wa daida:

`N = 0.35 fcu Ac + 0.67 fy Asc`

Faɗin kankaren wajen 52,100 ne a murabba'in milimita, rodin huɗu kuma 804. Idan kankaren 25 ne, shi kaɗai yana ɗaukar kusan 456 kN, rodin ya ƙara kusan 248 idan ƙarfinsa 460 ne, jimilla wajen 700. Idan ka sa 14, rabon kankaren ya sauka zuwa 255, jimilla wajen 500. An yi asarar kusan 200 kN a kowane ginshiƙi, nauyin tan 20 kenan. Duba lissafin mai zane ka gaya mana nawa ginshiƙin tsakiya zai ɗauka in an gama.

Sadik: 660 kN ya rubuta wa na tsakiya. Na gefe ba su kai haka ba.

Inj. Bature: To ka gani. Ana neman 660 a wurin wanda ƙa'ida ta yarda masa da 500, shi ma in rodin ya cika ƙarfinsa, wanda ban rantse ba tunda na san kasuwar rodi. Yau ginin yana tsaye ne saboda dekin ɗaya kawai yake ɗauke da shi. Kowane dekin da aka ƙara, da bulo, da fulasta, da tayil, da tankin ruwa a sama, duk a kan ginshiƙan nan za su sauka. Abin da ke ba ni tsoro da ginshiƙi shi ne ba ya yin sallama. Bim in ya gaji yakan lanƙwashe, ya tsage daga ƙasa, mutane su gani su fita. Ginshiƙi kuwa sai dai ka ga tsaga a tsaye ko fatar kankaren tana ɓarewa a kusurwa, wani lokacin ma tsakanin wannan da murƙushewa babu tazara. In ɗaya ya tafi, nauyinsa ya koma kan maƙwabtansa, su ma ga halin da suke ciki.

Maman Ilham: Ni dai ban gane lissafin ba, amma gidan da muke haya a Karu bangon ɗakin yara ya tsage daga taga har ƙasa, mai gida ya ce fulasta ce. Wurin COREN ɗin zan kai ƙara?

Inj. Bature: Hajiya, naki daban ne. Bango yakan tsage ba tare da ƙashin ginin ya taɓu ba. Ki ja layi da fensir a ƙarshen tsagar, ki rubuta kwanan wata. In ta wuce layin, ko ta buɗe har kwabo na shiga, ko ƙofofi suka fara cijewa, a nemo injiniya ya gani da ido.

Malam Isa Birkila: Injiniya Sadik, bari in tambaye ka tsakani da Allah, kana ina aka yi kwaɓin? Mu da muke kan aiki mun san yadda ake yi. Buhu ɗaya kwanon sarki biyu ne, to 1:2:4 yashi huɗu kenan, tsakuwa takwas. Da injiniya ya juya baya sai foman ya ce a mayar da yashi shida, tsakuwa goma, saboda an ƙirga masa buhunan da zai yi amfani da su. Sannan ginshiƙi 230 matsattse ne, ga rodi, in babu injin girgiza sai yara su tsuga ruwa don ya gangara da kansa. Ruwan nan shi ke kashe kankare. Kuma in gini ya faɗi, mu ne a ƙasa, ba oga ba. A yawancin wuraren aiki a Abuja leburori a cikin ginin suke kwana.

Sadik: Malam Isa, kamar kana wurin. Injin girgizar ya lalace ranar, kuma ofis ne ke ba foman siminti a ƙirge, mai lamba 32.5. Na yi magana a kan ruwan, aka ce rana na yi. Leburori kuwa akwai wajen goma sha biyu da ke kwana a ƙasan.

Inj. Bature: Ko da an bi 1:2:4 ɗin sak, da wuya ya ba ka 25 da siminti 32.5 a kwaɓin kwanon sarki. Wannan kuma darasin gaba ne. Na yau shi ne mutum goma sha biyun nan su koma kwana wani wuri tun daren yau. Wannan ba ka buƙatar izinin kowa, kai ne injiniyan wurin.

Barista Hauwa: Bari in shigo ta ɓangarena. Sadik, abu mafi haɗari gare ka a yanzu shi ne duk maganar da ke tsakaninka da oga ta baki ce. In wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, abin da masu bincike za su tarar shi ne sunanka a allo da wani sakamakon gwaji mai kyau a fayil. Oga zai ce shi ɗan kasuwa ne, injiniyansa bai gaya masa komai ba. Mutuwa ta dalilin sakaci laifi ne a kundin hukunta laifuka, kuma "an umarce ni" ba ya wanke wanda ya san haɗarin. COREN ma tana da kwamitin bincike da kotun ladabtarwa da ke iya soke sunan mutum daga rajista.

Don haka ka rubuta. Takarda gajera, babu zagi, babu zargin kowa da sata. Kwanan watan zubi, ginshiƙan da abin ya shafa, lambobin gwajin, abin da zane ya nema, sai shawararka: a dakatar da zubin Asabar, a tokare, a kira mai zane, a gwada ginshiƙan kansu. Ka tura ta imel, ka sa irinta a littafin aiki na wurin, ka ajiye kwafi a inda ba na kamfani ba. Kada ka sa hannu a kan komai da ke cewa ginshiƙan sun yi, kuma kada ka sa hannu a takardar izinin zubi.

Amma ba zan yaudare ka ba. Shirin fallasa da Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta fito da shi a Disamba 2016 na kuɗin gwamnati da aka sace ne, ba zai yi maka rumfa a nan ba. In ya kore ka, Kotun Ma'aikata ce hanyarka, kuma shari'a ba ta biyan kuɗin haya a watan da aka shigar da ita. Sannan kada ka kuskura ka watsa hoton ginin ko sunan kamfanin a duniya, sai a bar maganar kankare a koma ƙarar ɓata suna.

Ɗanjuma Kwangila: To Barista kin faɗa da bakinki, babu mai kare shi. Ku kuna da ofisoshinku. Yaron nan in aka yi masa tambarin mai kai rahoto, wane ɗan kwangila ne zai sake ɗaukarsa a garin nan? Ni shawarata, in zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya ajiye aikin cikin mutunci ya ce ya samu wani wuri. Ya fita, hannunsa tsaf.

Inj. Bature: Alhaji, an gwada wannan hanyar, har ma da wadda ta fi ta. Benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rufta a titin Gerrard ranar 1 ga Nuwamba 2021 ya kashe mutum sama da 40, har da mai ginin. Bayan ruftawar ne wasiƙar kamfanin injiniyoyin da suka fara kula da aikin ta bazu, wadda suka rubuta tun Fabrairun 2020 suna janye hannunsu, kuma cikin abin da suka ambata har da rashin samun sakamakon gwajin kankare. Sun rubuta, sun fita, wasiƙar ta wanke su. Ginin kuma ya ci gaba da hawa sama da shekara ɗaya da rabi. Murabus yana fitar da injiniya daga cikin gini, ba ya fitar da leburori. Wanda zai maye gurbin Sadik zai tarar da ginshiƙai an shafe su da fulasta da takardar da ta ce 27, ta ina zai sani?

Nanret: Ni 'yar Jos ce. Ranar 12 ga Yulin 2024 da makarantar Saint Academy ta rufta a Busa Buji, yara suna cikin aji, mutum 22 aka ce sun rasu. Duk wanda ya ga iyaye a bakin asibiti ranar ba zai iya karanta "hannunsa tsaf" ya wuce ba. Yi haƙuri Alhaji, ba da kai nake ba, amma kowane gini da ya faɗi akwai wanda ya san wani abu tun yana tsaye.

Ustaz Kabiru: Akwai wanda zai ce ai amanar maigida ce, bai kamata a tona masa asiri ba. Amana ba ta shiga inda za a cutar da wani. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Mai ginin ya biya kuɗin 25 an ba shi 14, algus ne ko da ginin bai taɓa faɗuwa ba. Sai dai a fara da nasiha a ɓoye, a ba mutum ƙofar gyara kafin a kai shi gaba.

Inj. Bature: Tsarin da Ustaz ya faɗa shi ne na sana'ar ma, sai dai nasihar tana da wa'adi, kuma wa'adin Asabar ne. Oga tukuna, a rubuce, yau. In bai dakatar ba zuwa gobe, mai zane da mai gini. In su ma suka yi burus, sashen kula da gine-gine da ke ƙarƙashin AMMC, hukumar kula da birnin Abuja, masu jan fenti, su ke da ikon tsayar da aiki a Abuja, sai ka haɗa da COREN.

Kuma Sadik, in za ka shiga wurin oganka, kada ka shiga da matsala kaɗai. Mutumin nan tsoro yake ji, yana ganin za a ce a rushe. Alhali yanzu ne gyara ya fi araha. A tokare bim ɗin da ke kewaye da ginshiƙan da ƙarafan tokara. A bi duka ginshiƙan ƙasa da gudumar Schmidt don a ware masu rauni, amma kada a tsaya a kanta, fatar kankare kawai take ji. Hukunci na wurin huda ginshiƙi a ciro kankaren a matse shi, aƙalla wuri uku, bayan an nemo inda rodi yake don kada a yanke shi. Wanda aka ciro daga jikin gini yakan ɗan gaza kiyub, shi ya sa in ya kai kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari na abin da aka nema ake karɓa, wato wajen 20 zuwa 21 a naku. In bai kai ba, a sa wa ginshiƙan riga: a sassaƙe fatar, a kewaye da sabon rodi da aka dasa tun daga tushe, a zuba kankare mai kyau kaurin milimita 75 zuwa 100 kowane gefe. Ko kuma mai zane ya sake lissafi a rage hawa. Yau ginshiƙan tsirara suke. In aka yi bulo da tayil aka sa 'yan haya, kuɗin ya ninka ba adadi.

Zainab: Yallabai, ina da ja a wuri ɗaya. Ni ma'aunin kuɗin gini nake yi, na san yadda ake ɗaukar masu zane a irin waɗannan ayyuka. Sau da yawa an biya shi ne ya yi zane ya buga hatimi don a samu izini, ba a biya shi duba aiki ba. In Sadik ya kira shi zai iya cewa ba ruwansa. Mai ginin ma wani lokacin shi ne ya matse farashin har aka fara ƙirga siminti. Masu jan fenti kuwa, kowa ya san ana iya shafa jan fenti yau, jibi a ga aiki ya ci gaba. Yaron zai iya bin matakan nan duka, ya rasa aikinsa, a kuma zuba dekin ɗin.

Inj. Bature: Zai iya faruwa, ƙanwata, ba zan ce miki a'a ba. Amma mai zane ko ba a biya shi duba aiki ba, hatiminsa ne a fayil ɗin hukuma, kuma daga ranar da lambobin nan suka shiga imel ɗinsa ya zama wanda ya sani. Kaɗan ne za su iya barci a kan haka. Takarda mai kwanan wata tana sauya lissafin duk wanda ta isa hannunsa, har jami'in da ya so kau da kai.

Zainab: Tana sauya lissafin wanda ke tsoron a bincike shi. Ban tabbata kowa na tsoron ba.

Sadik: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ga inda ake. Leburori sun koma kwana a rumfar ajiye kaya. Na tura wa oga takardar jiya da yamma, bai amsa ba, da safe na tura wa mai zane. Ashe Anti Zainab ta yi gaskiya, ba a biya shi duba aiki ba, amma ya kira mai ginin da kansa. An ɗage zubin Asabar. Oga ya kira ni ya ce na ci amanarsa, daga Litinin in koma wani aikin katanga da suke yi a Kuje, wani zai karɓi wurin. Bai ce ya kore ni ba. An amince za a huda ginshiƙai uku, amma oga ya ce shi zai kawo masu gwajin, shi zai nuna waɗanda za a huda.

Malam Isa Birkila: Zai nuna waɗanda aka zuba da safe kenan, lokacin da kake tsaye a kansu.

Barista Hauwa: Ka tafi Kuje, kada ka ƙi, kada ka ba shi hujjar kora. Amma kafin ka tafi ka rubuta takardar miƙa aiki, ka sa lambobin gwajin a ciki, wanda zai karɓa ya sa hannu. Ka kuma nemi a cire sunanka daga allon, a rubuce.

Inj. Bature: Mai zane ne zai zaɓi inda za a huda, ba ɗan kwangila ba, kuma mai gini ne ya kamata ya biya ɗakin gwajin kai tsaye. Sadik, kai ka san jerin yadda aka yi zubin. Zana masa taswirar ginshiƙan, ka nuna waɗanda aka zuba bayan injin girgiza ya tsaya da waɗanda aka zuba da yamma, ka sa alama a na tsakiya masu 660. Ka tura masa kafin Litinin. Sannan ginshiƙan hawa na farko fa, an ɗibar musu kiyub?

Sadik: Ba a ɗiba ba, Yallabai. Bayan sakamakon kwana 7 ya fito, oga ya ce a daina ɓata kuɗi a gwaji. Foman ɗaya ne, simintin ma iri ɗaya.

Inj. Bature: To ka ƙara wannan a takardar mai zane. Uku ba za su isa ba, sai an hau sama ma.